Bitamin C, niyasinamaid da asid ɗin goge fata: yadda ake haɗa su ba tare da an ƙona fuska ba

Duk wanda ya leƙa shagon kayan kwalliya a Agege, ko Balogun, ko Sabon Ibadan a 'yan shekarun nan, ya san ƙananan kwalaben nan masu bututun ɗigawa da ake kira siram. Guda uku ne suka fi tashe: bitamin C, da niyasinamaid, da asid ɗin da ke goge matacciyar fata. Mai shago zai ce maka wannan na haske ne, wannan na maiƙo, wannan na ƙuraje, ka haɗa duka ka ga aiki. Kuma gaskiya ne kowanne yana da aikinsa, ba yaudara ba ce. Matsalar tana wajen haɗawar. Mutum ya kashe kuɗinsa don ya kawar da tabo uku, bayan mako biyu ya wayi gari da baƙi ya zagaye masa baki da gefen hanci, ko ruwa ya taɓa fuskar sai ta yi raɗaɗi.

Wannan rubutu zai bi abin daki-daki: mene ne ake lalatawa idan an wuce gona da iri, me kowane ɗaya daga cikin ukun yake yi, wanne ke zama da wanne, da yadda ake tsara su a mako. Maza da mata duka abin ya shafa, don masu fama da ƙurajen aski ma yanzu sun shiga sahu.

Katangar da ake magana a kanta

Saman fatar mutum, wanda hannu ke taɓawa, matattun ƙwayoyi ne da aka jera hawa-hawa, kamar hawa 15 zuwa 20, kuma dukansu ba su kai kaurin takarda ba. Ka ɗauke su kamar bulo. Tsakanin bulo da bulo akwai siminti, wato wani irin kitse da jiki ke yi da kansa, wanda kusan rabinsa ana kiransa seramaid. Wannan gini shi ake kira katangar fata, kuma aikinsa biyu ne: ya hana ruwan jiki tsirarewa waje, ya kuma hana datti, gumi mai gishiri da ƙwayoyin cuta kutsawa ciki. Fata tana sabunta wannan katanga da kanta a cikin kamar mako huɗu, sababbin ƙwayoyi na tasowa daga ƙasa, tsofaffi na zubewa.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne fata tana da ɗan tsami nata. Ana auna tsami da ma'aunin pH. Ruwa zalla yana kan 7. Duk abin da ya yi ƙasa da 7 mai tsami ne, abin da ya haura 7 kuma ya karkata ɓangaren kanwa da toka. Lafiyayyar fata tana wajen 4.5 zuwa 5.5. Lemon tsami yana wajen 2, sabulun gargajiya irin su sabulun salo kuma yana kaiwa 9 zuwa 10. A kula da wani abu a nan: kowane mataki ɗaya a ma'aunin nan ninki goma ne. Ke nan abin da ke kan 3 ya fi fatar da ke kan 5 tsami sau ɗari, ba sau biyu ba.

Me ya sa wannan ya fi damun mu masu duhun fata? Saboda fatarmu idan ta ji ciwo, da baƙi take ramawa. Ko ƙurji ne, ko ƙuna, ko ƙaiƙayin da aka sosa, ƙwayoyin da ke yin launi sai su ƙara ƙaimi, wajen ya yi duhu bayan ya warke. Bature idan ya yi wa fuskarsa yawa, ja za ta yi na 'yan kwanaki ta koma. Mu kuwa jan ba ya ma fitowa sosai balle ya gargaɗe mu, sai dai mu ga baƙin da zai ɗauki watanni kafin ya tafi. Shi ya sa tsarin da ka gani a bidiyon wata Baturiya ba lallai ya dace da kai ba.

Bitamin C

Asalin bitamin C da aka fi yin bincike a kansa shi ne wanda ake kira askobik asid, kuma sunan ma ya gaya maka cewa shi kansa asid ne. Yana rage aikin sinadarin da ke ƙera launi a fata, don haka tabo ke dusashewa a hankali, yana kuma taimakawa wajen rage ɓarnar da rana ke yi. Wani bincike da likitan fata Sheldon Pinnell da abokan aikinsa na Jami'ar Duke a Amurka suka fitar a 2001 ya nuna abu biyu da har yau ake aiki da su: sai tsaminsa ya yi ƙasa da pH 3.5 yake iya ratsa fata, kuma idan ƙarfinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 fata ba ta ƙara shan komai. Don haka kwalbar da aka rubuta 30 ko 40 ba ta fi ba, raɗaɗi kawai ta fi. Mai farawa kashi 10 ya ishe shi.

Rauninsa shi ne saurin lalacewa. Iska, haske da zafi suna kashe shi, kuma a ido ake gani. Sabo yana zuwa kamar ruwa ko da ɗan rawaya kaɗan. Idan ya koma ruwan lemo mai duhu ko ruwan shayi, ya mutu, a zubar. Kwalbar da ta yi wata da watanni a kan tebur a rana cikin kasuwa, ka duba launinta kafin ka miƙa kuɗi. Akwai kuma 'yan uwansa masu sauƙi, waɗanda sunansu ke ɗauke da kalmar askobil, kamar sodiyam askobil fosfet. Su tsaminsu yana kusa da 6 zuwa 7, ba sa cizo, sun fi jure zafi, sai dai aikinsu ya fi tafiya a hankali. Ga mai fata mai saurin fushi, su ne suka fi.

Niyasinamaid

Wannan wani nau'i ne na bitamin B3, kuma shi ba asid ba ne, ba ya goge komai. A cikin ukun shi ne mai gini. Yana sa fata ta ƙara yin seramaid, wato simintin da muka ambata, yana rage maiƙo, yana kwantar da kumburin ƙuraje. A kan tabo kuma ta wata hanya daban yake bi: bitamin C yana rage ƙera launin ne, shi kuwa yana rage isar da launin zuwa ƙwayoyin saman fata. Shi ya sa su biyun ke taimakon juna.

Yawancin binciken da ya nuna amfaninsa an yi shi ne da kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Kwalaben kashi 10 da suka cika kasuwa ba haramun ba ne, amma wasu suna jin ƙaiƙayi da su ko su ga ƙananan ƙuraje. Kuma a duba bayan kwalabe, don yanzu ana zuba shi a sabulu, a man shafawa, har a man kariyar rana. Wani yana shafa shi sau uku a rana bai sani ba.

Asid ɗin goge fata

Waɗannan aikinsu su sassauta abin da ke manne matattun ƙwayoyi da juna, su zube da wuri. Gida biyu ne. Gidan farko a kwalba za ka ga an rubuta AHA. Su a saman fata suke aiki, suna gyara kaushi da dusashewar launi. A cikinsu gilaikolik, wanda ake samu a rake, shi ne mafi ƙanƙantar ƙwaya, don haka ya fi saurin shiga, ya fi kuma saurin ƙonawa. Laktik, irin tsamin da ke cikin nono, ya fi shi sauƙi. Mandelik ya fi su girman ƙwaya, a hankali yake shiga, shi ya sa ake yawan zaɓa wa masu duhun fata. Kwamitin masana da ke duba sinadaran kwalliya a Amurka ya ce na amfanin gida kada ya wuce kashi 10, kuma tsaminsa kada ya yi ƙasa da pH 3.5. Kwalbar kashi 30 ba ta kullum ba ce, kuma ba ta mai koyo ba ce.

Gida na biyu shi ne BHA, kuma kusan kullum ana nufin salisilik. Shi yana narkewa a cikin mai, don haka yana iya shiga ramukan fata ya kwance toshewar da ke kawo ƙuraje. Ƙarfinsa na gida rabin kashi ɗaya zuwa kashi 2 ne. Ɗan uwan asfirin ne, saboda haka wanda asfirin ba ya karɓarsa ya tambayi likita tukuna.

Ƙa'idar a nan gajera ce: asid ɗaya ake zaɓa. Mai maiƙo da ƙuraje ya ɗauki salisilik. Mai kaushi da tsohon tabo, wanda ƙuraje ba sa damunsa, ya ɗauki laktik ko mandelik.

Wanne ke zama da wanne

Bitamin C da niyasinamaid: za ka ji ana cewa ba a haɗa su, wai ɗaya yana kashe ɗaya. Maganar ta samo asali ne daga tsofaffin gwaje-gwaje na shekarun 1960, kuma abin tsoron shi ne idan niyasinamaid ya daɗe cikin tsami da zafi mai yawa yana iya rikiɗa ya koma niyasin, wanda ke sa fuska ta ɗau zafi. Amma wannan yana buƙatar zafi da dogon lokaci, ba 'yan mintuna a kan kumatu ba. Ana iya shafa su lokaci ɗaya: bitamin C a fara, a bari ya bushe minti ɗaya ko biyu, sannan niyasinamaid. Wanda ya ji fuskarsa na ɗumi idan ya yi haka, ya raba su, ɗaya safe ɗaya dare, ba abin da ya rasa.

Niyasinamaid da asid: suna zama lafiya, har ma niyasinamaid yana rage bushewar da asid ke kawowa. Asid a fara, shi ya biyo baya, man shafawa ya rufe.

Bitamin C da asid: a nan ne ake ƙonewa. Ba wai suna haɗuwa su zama guba ba ne. Tsami ne a kan tsami. Asid ya riga ya rage kaurin katangar, sai ka ɗora wani abu mai pH 3 a kai, ya shige da sauri fiye da yadda fata za ta iya ɗauka. Don haka a raba su: bitamin C da safe, asid da dare. Mai fata mai saurin fushi ya ƙara da cewa safiyar da ta biyo bayan daren asid, ya huta da bitamin C.

Sannan akwai abin da mutane ba sa lissafawa. Soson wanka goge fata ne. Dilka da halawa goge fata ne. Reza goge fata ce. Sabulun salo, da yake ɓangaren kanwa yake, yana wanke kitsen katangar. Lemon tsami da ake matsawa a fuska asid ne marar awo, kuma ruwan lemon idan rana ta same shi a fata yana iya barin ƙuna da baƙi. Duk waɗannan kwando ɗaya suke shiga da kwalbar asid. Fata ba ta san na kanti da na gida ba, jimilla kawai take ji.

Misali daga cikin gida

Wata 'yar ƙanin babana, mai shekara 22, tana da fuska mai maiƙo da tabon ƙuraje a kumatu. Biki ya matso, ta je wani shago aka haɗa mata kaya huɗu: sabulun ruwa mai salisilik kashi 2, tona mai gilaikolik kashi 7, bitamin C kashi 20, da niyasinamaid kashi 10. Aka ce ta yi amfani da sabulun da tonar safe da dare, bitamin C da safe, niyasinamaid da dare. Duka ta fara rana ɗaya, kuma ba ta daina sabulun salo da soso a wanka ba.

Mu yi lissafi. Sabulun salisilik sau 14 a mako. Tona sau 14. Bitamin C sau 7. Sau 35 ke nan abu mai tsami ke hawa fuskarta a mako ɗaya, ban da soso. Fatar da ba ta saba ba, sau ɗaya ko biyu a mako ake fara mata asid.

A kwana na huɗu fuskar ta yi sumul tana ƙyalli, ta yi murna. Wannan ƙyallin shi ne gargaɗin farko, don ba na lafiya ba ne, fata ce da aka kankare ta yi siriri tana ɗaukar ido kamar leda. A kwana na tara ta ce min, “Yaya, ko ruwan alwala na sa sai in ji kamar barkono.” Ta koma shagon, aka ce mata ai dattin ne ke fita, ta daure. A kwana na sha biyu gefen bakinta da gindin hancinta suka fara saɓa suna yin duhu, ƙananan ƙuraje suka feso a goshi, inda da can ba ta yin su. Maiƙon ma ya ƙaru.

Ga yadda aka gyara. Mako uku cur ba ta taɓa ko ɗaya daga cikin huɗun ba, har da niyasinamaid ɗin, don a kan fatar da ta tsage ko shi yana cizo. Da safe ruwa kawai. Da dare sabulun ruwa mai sauƙi marar ƙamshi, da hannu, ba soso. Bayan wanki, tun fuskar da ɗan danshi, man shafawa marar turare mai giliserin da seramaid. Wuraren da suka saɓa ta ɗora basilin kaɗan da dare. Da rana man kariyar rana. Raɗaɗin ya tsaya a cikin mako na farko, saɓar ta tsaya a na biyu, aka ƙara mako ɗaya don a tabbata.

Daga nan aka dawo da su ɗaya bayan ɗaya, da tazarar mako biyu, domin idan wani abu ya tashi a san mai laifi. Mako na 4 da na 5, niyasinamaid kaɗai; da yake nata kashi 10 ne, ɗigo ɗaya take cakuɗawa da man shafawa a tafin hannu. Mako na 6 da na 7 aka ƙara bitamin C, amma sabuwar kwalba mai kashi 10, don tsohuwar ta riga ta koma ruwan shayi. Safiya ɗaya a shafa, safiya ɗaya a huta. A mako na 8 salisilik ya dawo, dare ɗaya a mako, daga mako na 10 ya zama dare biyu. Tonar gilaikolik kuwa ba ta koma fuska ba sam, a gwiwa da guiwar hannu ta ƙarar da ita.

Tabon kumatun da ta fara nema wa magani ya dusashe sosai wajen wata na huɗu. Baƙin gefen bakin da ta jawo wa kanta a kwana goma sha biyu ya fi shi daɗewa. Bikin kuwa da hoda mai kauri aka yi shi.

Tsarin mako ga wanda fatarsa ke lafiya

Kafin komai, a gwada sabon abu a lanƙwasar hannu, wuri kamar faɗin kwabo, sau biyu a rana na kwana bakwai zuwa goma. Idan ba ƙaiƙayi ba kumburi, sai a kai fuska. Kuma kada a fara biyu tare. Jerin da ya fi sauƙi shi ne wanda aka bi a sama: niyasinamaid, sai bitamin C, asid a ƙarshe. Idan duka sun zauna, mako zai kasance haka:

- Kowace safiya: wanke fuska, bitamin C ɗigo uku zuwa huɗu, man shafawa mara nauyi, man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko sama.
- Daren Litinin da daren Alhamis: wanke fuska, a bari ta bushe sarai, asid, niyasinamaid, man shafawa.
- Sauran darare biyar: wanke fuska, niyasinamaid, man shafawa. Shi ke nan.

Dalilin barin fuska ta bushe kafin asid shi ne jiƙaƙƙiyar fata ta fi saurin sha, raɗaɗin sai ya ƙaru. A kauce wa fatar ido, gefen hanci da kusurwar baki, nan ne fata ta fi siriri kuma nan ruwan ke taruwa. Wanda zai iya, ya ɗan shafa basilin a waɗannan wurare kafin asid. Idan sabulun wanke fuskarka ma yana da salisilik, to shi ne asid ɗinka, kada ka ƙara wani. Ranar aski ba ranar asid ba ce, a bar kwana ɗaya tsakani. Amaryar da za a yi wa dilka da halawa ta ajiye asid mako ɗaya kafin, da mako ɗaya bayan. Mai amfani da retinol kuma kada ya haɗa shi dare ɗaya da asid.

Man kariyar rana ba ado ba ne a wannan tsari. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa AHA yana sa fata ta fi jin rana, har zuwa mako ɗaya bayan an daina shafawa. Kuma rana ce ke ƙara wa tabo duhu. Wanda zai wuni a Kara ko a kan babur yana shafa asid da dare ba kariya da rana, yana ɗiban ruwa ne da kwando. Adadin da ake so ga fuska da wuya shi ne layi biyu a tsawon yatsu biyu. Gumi da alwala suna wanke shi, don haka mai wuni a waje ya riƙe kwalbar a aljihu ya sake shafawa, musamman bayan azahar. Bitamin C kuwa ba sai an maimaita ba, wanda ya shiga fata ya shiga.

Yadda za ka gane ka wuce gona da iri

Ɗan tsikari na ƙasa da minti ɗaya bayan an shafa asid ko bitamin C ba abin tsoro ba ne. Alamun lalacewa daban suke. Man da ka saba shafawa shekara da shekaru ya fara yi maka zafi. Ruwa ko gumi yana raɗaɗi. Fuska tana ɗaurewa bayan wanki kamar an ja ta, amma kuma tana ƙyalli. Saɓa a gefen baki da hanci, ko fatar ta yi toka-toka. Maiƙo da bushewa a lokaci ɗaya. Idan biyu daga cikin waɗannan suka haɗu, a tsaya, a koma ruwa, man shafawa da man kariyar rana na mako biyu zuwa huɗu. Man kaɗanya yana da kyau ga busasshiyar fata a wannan lokaci, sai dai mai yawan ƙuraje ya yi hankali da shi a fuska.

Sai maganar “datti ne ke fita”. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa take cin mutane. Salisilik da AHA suna iya hanzarta ƙurajen da dama suna hanya, su fito tare a makonnin farko. Amma irin wannan yana fitowa ne a inda ka saba yin ƙuraje, kowanne yana saurin warkewa, ba ya zuwa da raɗaɗi ko saɓa, kuma yana lafawa cikin mako huɗu zuwa shida. Idan ƙurajen sun fito a sabon wuri, ƙanana ne masu ƙaiƙayi, kuma kullum gaba suke yi, wannan ba datti ba ne, fata ce ke kuka. Niyasinamaid kuwa tunda ba ya goge fata, ba shi da wani datti da zai fitar. Idan ya kawo ƙuraje, bai karɓe ka ba ne ko ya yi ƙarfi.

Idan fuska ta kumbura, ta yi bororo, tana fitar da ruwa, ko mako huɗu sun wuce ba sauƙi, to ya wuce gyaran gida, a nemi likitan fata. Asibitocin koyarwa irin na Idi-Araba a Legas da na Ibadan suna da sashensu.

Abubuwa uku da suka shafi zamanmu a nan

Na farko, yanayi. A Kudu iska na da danshi kusan duk shekara, fata ba ta saurin bushewa, don haka dare biyu na asid yakan zauna lafiya, kuma man shafawa mara nauyi ya isa. Amma wanda ya tafi gida Arewa a Disamba ko Janairu, hunturu zai tsotse ruwan fatarsa, tsarin da ya zauna masa a Legas sai ya fara cizo a Kano. A rage asid zuwa dare ɗaya ko a ajiye shi, a ƙara kaurin mai. Zafin ɗaki kuma yana kashe bitamin C, a sayi ƙaramar kwalba mai duhu, a rufe da kyau, a ajiye a wuri mai sanyi, a ƙarar cikin wata biyu zuwa uku.

Na biyu, man bilicin da haɗe-haɗen da ake sayarwa a roba ba suna ba lamba. Da yawansu suna ɗauke da maganin siteroyid, wanda ke sirantar da fata idan an daɗe ana shafawa. Alamarsa ita ce jijiyoyi na bayyana, fata na saurin tsagewa, ƙuraje na fesowa idan an daina. Irin wannan fata ba ta da katangar da za ta ɗauki asid ko bitamin C mai ƙarfi. Mai wannan hali ya fara ganin likita kan yadda zai rabu da man, kafin ya sayi wata kwalba. A kuma riƙa duba lambar hukumar NAFDAC da jerin sinadarai a jikin duk abin da za a saya; abin da ba a rubuta ƙarfinsa ba, ba za ka iya tsara shi ba.

Na uku, mai juna biyu. Bitamin C da niyasinamaid ba a san su da matsala ba, retinol kuwa ana hana shi. Game da asid, ta ɗauki kwalbar ta nuna a wajen awo kafin ta ci gaba.

Abu na ƙarshe shi ne lokaci. Tunda fata na ɗaukar kamar wata guda kafin ta sabunta, ba a yanke wa siram hukunci kafin mako takwas zuwa sha biyu. Ka ɗauki hoton fuskarka ranar da ka fara, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ka sake ɗauka duk ƙarshen wata, don madubin kullum ba ya nuna canji. Kuma a sani, waɗannan ukun tabo suke dusarwa su mayar da fata launinta na asali, ba sa mayar da baƙi fari. Idan biki saura mako biyu, kada a fara sabon abu ko ɗaya.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.